Shekarar da Na Zama Idon Mai Suyar Gyaɗa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba bawa ji da gani, kuma idan Ya rage masa ɗaya Ya bar masa abin da zai dogara da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Tun da muka tare a gidanmu na unguwar Yerimaram, uwargidana take suyar gyaɗa. Takan soya, ta murje, ta aika inji a niƙa, ta matse mai, ta murɗa ƙuli-ƙuli. Gyaɗar kuma daga garin Mamudo take zuwa, daga gonar ƙaninta, cikin buhu a bayan napep. Ni kuwa wurina zaure ne. Nakan zauna da ɗalibai bayan asuba har rana ta ɗaga, kuma abin da na sani game da sana'arta bai wuce ƙamshin da ke ratso soro ya same mu a tsakiyar karatu ba. Shekaru masu yawa ina cin ƙuli-ƙulinta cikin kwaɗon zogale, ban taɓa tambayar yadda take gane gyaɗa ta soyu ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar yadda numfashinsa ke fita.

Sana'ar nan ita ce ke shigo mata da mutane. Matan unguwa sukan zo da kwalabensu na mai, su zauna a kan tabarma su taya ta tsince gyaɗa, a yi gaisuwar rasuwa a nan, a yi barka a nan, a sasanta waɗanda suka saɓa a nan. 'Ya'yanmu duk sun yi aure sun tashi. Idan aka ɗauke kaskon nan daga tsakar gida, abin da zai rage mata shi ne ɗaki da carbi da jiran a kira salla.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani a hankali, ba mu lura da wuri ba. Abin da ya fara bayyana shi ne ƙorafin masu saye. Wata maƙwabciya, tsohuwar aminiyarta, ta ce mata cikin raha:

"Hajiya, ko itace ya yi tsada ne? Man nan naki ɗanyen wari yake yi."

Ta yi dariya kawai. Suyar da ta biyo baya ma haka ta fito. Ɓawon ya ƙi murzuwa sai da wahala, niƙan ya yi gafi, man da ya fita kaɗan ne. Ita kuwa ta rantse mini cewa sai da ta ga gyaɗar ta yi ruwan zuma kafin ta sauke.

Da babban ɗanmu ya kai ta asibitin ido, likita ya bayyana abin da ke faruwa. Ya ce irin yanar da ke idonta takan sa mutum ya riƙa ganin abubuwa kamar an shafa musu ruwan shayi, farin abu ya koma masa rawaya-rawaya. Nan muka fahimci lamarin. Idonta ne yake soya gyaɗar kafin wuta ta soya ta. Likitan ya ce za a yi aiki, amma sai an daidaita sukarin jininta tukuna, kuma wannan zai ɗauki watanni.

Cikin waɗannan kwanaki ne ta kai hannu za ta gyara itace, gefen kasko ya ƙone ta a wuyan hannu. Ƙunar ba babba ba ce, amma ɗan namu ya gani. Ya same ni a zaure bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce:

"Baba, ina neman izini. Ran Juma'a zan zo da napep in kwashe kaskon nan da murhun. Iya ta yi iya nata. Ni zan ɗauki duk abin da take buƙata."

Na san tausayi ne ya sa shi, kuma na gode wa Allah da Ya ba mu ɗa mai wannan zuciya. Na ce ya bari in yi magana da ita. Da na faɗa mata, ba ta yi musu ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika ɗaga ido ta dube shi ba, balle ta yi jayayya da shi. Cewa kawai ta yi:

"Wancan ɗin ne ya ce? To, ya kwashe. Mai ido biyu ma yana hutawa."

Sai ta juya ta hau gyaran tabarmar da ba ta buƙatar gyara.

Washegari ina karantar da ɗalibai babin tsarki, muka zo kan ruwa da abin da ke canza hukuncinsa. Na ce musu, kamar yadda aka karantar da mu, ana gane canjin ruwa ta siffofi uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙamshinsa. Ina cikin bayanin sai na tsaya. Na yi shekaru ina maimaita wannan magana, amma a ranar ne ta kai ni tsakar gidana. Launi ɗaya ne daga cikin shaidu, kuma shi kaɗai ne ya kuɓuce mata. Hancinta lafiya lau, harshenta da kunnenta da 'yan yatsunta duk suna nan. Ni kuma, da gilashina, ina iya bambance jan tawada da baƙa a gefen takarda.

Da na sallami ɗalibai na shiga ciki na ce mata:

"Hajiya, ki ɗauke ni aiki."

"Wane aiki, Malam?"

"In riƙa duba miki launi."

Ta yi dariya har sai da ta goge ido da gefen mayafi. "Kai da ba ka san inda ashana take a gidan nan ba? Mutane su ce na kwaso malamin unguwa na zaunar da shi gaban murhu?"

"Wanda ba ya gani yakan tambayi mai gani ko alfijir ya keto, kuma sallarsa ta inganta. Ba ki fi ƙarfin tambaya ba, ni ma ban fi ƙarfin a tambaye ni ba."

"To, amma babu albashi."

"A biya ni da ƙuli."

Na aika wa ɗan namu cewa ya zo ran Juma'a kamar yadda ya ce, amma ya zo da hantsi, ya zauna ya ga suya ɗaya da idonsa. In ta lalace, ya kwashe kayan, ba zan ce komai ba.

Kafin ranar muka yi gwaji sau da dama da ɗan abin da bai fi cikin kwano ba. A nan na koyi abubuwan da zan rubuta, domin na ga jikokinmu ba su san su ba.

Abu na farko da ta hana ni shi ne duban ɓawo. Na leƙa kasko na ce gyaɗa ta yi ja, sai ta ce ai da jan ɓawonta ta zo daga gona. Wata irin ɓawonta ja ne wur, wata fari-fari, wata mai zane, kuma babu wadda ɓawonta ke faɗin gaskiyar cikinta. Sai an ɗebo 'yan ƙwayoyi da ludayi, an murza su tsakanin yatsu, an hure ɓawon, sannan a dubi tsirarar ƙwayar. Yadda ɓawon ke sulluɓewa ma shaida ce: idan ya manne yana fita guntu-guntu, da saura; idan ya zame gaba ɗaya kamar busasshen ganye, an kusa.

Na biyu, ta sa na daina duba a cikin madafa. Hayaƙi da duhun rumfa suna ƙara wa gyaɗa duhun da ba nata ba, hasken garwashi kuma yana ƙara mata ja. Sai in ɗora ƙwayoyin a kan farin faranti in fito tsakar gida, in tsaya a inuwa mai haske. Muka kuma nemo ɗan abin da aminiyar tata ta soya da kyau, muka ajiye a gefen farantin domin in riƙa gwadawa, saboda ido ba ya riƙe launi, yana buƙatar abin kwatance a kusa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Wata rana na duba na ga bayan ƙwayar ya yi daidai da abin kwatancen, na ce an gama. Ta ce in raba ta biyu. Na raba, sai ga cikin fari tas. Gyaɗar sabuwa ce, ba ta gama shan rana ba, wutar kuma ta yi yawa, sai bayan ya riga cikin soyuwa. Ta janye itace biyu, ta ce daga yau kowace ƙwaya sai na fasa ta, kuma in ɗebo daga tsakiya da gefe, kada in yi hukunci da ƙwaya ɗaya. Muka shanya sauran buhun a rana. Muka kuma ware ƙanana daban, domin ƙaramar ƙwaya takan ƙone kafin babba ta soyu. Masu baƙin tabo da waɗanda suka yanƙwane ko suka yi funfuna, ni ne na riƙa tsince su, tunda ita ba ta ganinsu sosai, kuma ɗacinsu ba suya ce ke kawo shi ba, wuta ba ta gyara shi.

Ta kuma bayyana mini cewa ba launi ɗaya ake nema kullum ba. Gyaɗar da za a ci da hannu ana barinta ta ɗan ƙara duhu. Wadda za a matse kuwa ana sauke ta da sauran haske, domin tunkuzar da ta rage bayan an matse za ta sake shiga mai idan an murɗa ƙuli, kuma in an cika suyar farko, man ya yi duhu, ƙulin ya yi ɗaci.

Ranar Juma'a ta zo. Ɗan namu ya iso da hantsi, ya bar mai napep a ƙofar gida yana jira. Ya gaishe mu, ya zauna a kan turmi da aka kifa. Da ya gan ni na naɗe hannun riga ina riƙe da faranti, ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

"Baba, ɗalibai sun san da wannan darasin?"

"Su ma za a kawo su idan sun kai."

Ta zuba yashin da ta tankaɗe a cikin kasko, ta bar shi ya yi zafi, tana kai tafin hannu sama da shi daga nesa tana auna hucin. Mun riga mun samo mata dogon ludayi, ni kuma na karɓi kula da itace domin kada ta sake kai hannu ƙasa. Ta juye gyaɗar, ta fara juyawa, daga gefe zuwa tsakiya, ba tsayawa. Da farko wani ɗanyen wari ne ke tashi, irin na wake da aka jiƙa, ƙarar ludayin kuma a dushe take. Can sai warin ya gushe, ƙarar ta fara zama ƙaras-ƙaras, ɓawo ya fara tsagewa yana ɗan ƙara nan da can.

"Malam, duba mini."

Na ɗiba, na murza, na fita haske. "Fara ce har yanzu, kamar madara. Cikin ma haka."

Ta ci gaba. Bayan ɗan lokaci ƙamshin da na sani daga zaure ya fara tasowa, amma siriri.

"Sake dubawa."

"Ta fara komawa launin busasshen kara. Cikin ya bi bayan, amma bai kamo shi ba."

"Janye mini itace ɗaya."

Na janye. Daga nan ta riƙa sa ni dubawa a kai a kai, domin ta ce gyaɗa takan daɗe ba ta canza ba, amma idan ta fara, tsakanin soyuwa da ƙuna ɗan taƙi ne. Zufa ta jiƙe mini hula. Ɗan namu ya miƙe ya ɗauki mafici yana kore mata hayaƙi ba tare da an sa shi ba.

Sai na ga ta ɗaga kai ta ja numfashi ta hanci. Hannunta ya ɗan yi jinkiri a kan ludayin.

"Malam, yanzu fa?"

Na duba da kyau, na fasa uku, na jera su kusa da abin kwatancen. Ciki da baya sun daidaita, amma duka ba su kai launin waccan ba, da saura kaɗan. A gwaje-gwajenmu na baya, da ɗan cikin kwano, wannan sauran bai taɓa damunmu ba, domin kaɗan ce, nan da nan take hucewa. Yau kuwa kasko cike yake. Na san idan na ce ta yi, na faɗi abin da ban gani ba. Na ce:

"Ciki da waje ɗaya ne. Amma ba ta kai wannan ba, da sauran ƙiris."

Ta ci gaba da juyawa. Na ga fuskarta, na gane abin da ke ranta. Sau biyu ta sauke gyaɗa da wuri ta ji kunya a gaban mata, ga shi kuma hancinta yana ce mata ta sauke, mai ido yana ce mata da saura, ɗanta yana tsaye.

"Iya, Baba ya ce da saura," in ji shi.

Na ce, "Ni launi kawai na faɗa. Hukuncin nata ne. Hajiya, me hancinki ya ce?"

"Ya ce in na ƙara, zan ji ƙauri."

"To, ki bi shi."

"Kawo rariya. Maza!"

Muka ɗora rariyar ƙarfe a kan babban kwano, ɗan namu ya kama kunnen kasko da tsumma ya juye, yashin ya zube ƙasa, gyaɗar ta tsaya. Ta sa muka baza ta a kan manyan tire, ba a tara ta wuri ɗaya ba. Tana bazawa tana cewa zafin da ke cikin gyaɗa mai yawa ba ya tsayawa don an raba ta da wuta, yana ci gaba da aikinsa, kuma wanda ya jira sai ta kai launin da yake so a cikin kasko, zai same ta ta wuce a kan tire.

Ɗan namu bai jira ba. Ya ɗauki guda biyu yana hurawa, ya jefa a baki, ya tauna. Na ga fuskarsa ta canza. Ya dube ni, sannan ya ce a hankali, cikin ladabi:

"Iya, ki yi haƙuri. Da taushi. Ba ta soyu ba."

Amma ita sai ta fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ba ta dube shi ba, ni ta fuskanta, kamar yadda ta saba idan za ta yi masa magana.

"Malam, ka faɗa wa wancan, tun yana rarrafe yake satar mini gyaɗa da zafinta yana ƙona baki, har yau bai koyi jira ba. Wa ya taɓa jin gyaɗa mai zafi ta yi ƙaras? Sai ta huce."

Muka zauna jira. Mai napep ya yi sallama daga waje yana tambaya ko a fara fito da kaya, aka ce ya ƙara haƙuri, aka aika masa da ruwa. Ni dai ina ta istigfari a zuci, ina kallon tire. Da idona na ga abin da ta faɗa: ƙwayoyin da na murje na ajiye a gefe ba su canza sosai ba, amma da na ɗebo daga cikin tiren bayan ta sha iska, na murza, na kai haske, sai ga ta daidai da abin kwatancen, har ban iya bambance su ba.

Ta sa hannu ta damƙi cikin tafi, ta murza, ɓawon ya zube kamar ƙaiƙayi. Ta kai ɗaya kusa da kunne ta matsa da farce, ta ɓalle da ƙara. Ta tauna, ta ɗan jima, sannan ta tura tiren wajensa da gefen ludayi.

Ya ci ɗaya. Daga inda nake zaune na ji ƙarar a bakinsa. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku, ya ɗebi cikin hannu.

"Malam, ka ce masa ta matsa ce, ba ta ci ba. Kada ya cinye mini jari."

Ya yi dariya, idonsa ya ciko. Ya fita ya sallami mai napep. Da ya dawo ya tsaya yana duban rumfar madafar, ya ce duhunta ya yi yawa, kuma murhun ya yi ƙasa. A makon da ya biyo ya kawo magini, aka ɗaga murhun aka fito da shi bakin rumfa inda haske yake, aka yi masa kariya ta gefen da ta ƙone. Sharaɗi ɗaya ya kafa, shi ma ta bakina ya bi: kada ta hura wuta sai ina gida. Ta karɓa.

Da yamma aka dawo da niƙa daga inji. Ta zuba a turmi tana juyawa da muciya, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har man ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama, garau, mai haske. Aminiyar tata ta shigo da kwalbarta, ta shinshina, ta ce:

"A'a, Hajiya, itace ya sauko ke nan?"

"Sabon ma'aikaci na ɗauka."

"Wane ne? A ba mu aronsa."

"Ba ya fita aiki waje. Yana da ɗalibai."

Haka muka yi watannin nan. Na matsar da karatun safe ya riƙa ƙarewa da wuri a ranakun suya, ɗalibai kuma suka gane dalili ba tare da an faɗa musu ba, domin rigata takan fito da ƙamshin hayaƙi. Wasu abokaina malamai sun tsokane ni a masallaci, na ce musu hidimar iyali ba baƙon abu ba ce a addininmu, kuma duk wanda ya ƙara magana ba zai ga ƙuli ba. Babu wanda ya ƙara.

Bayan damina sukarin ya daidaita, aka yi mata aiki a ido ɗaya, Allah Ya sa aka dace. Likita ya hana ta kusantar hayaƙi na wani lokaci, ta yi biyayya tana gunaguni. Ranar da ta koma gaban kasko, na tsaya a bakin zaure ina tunanin ko an sallame ni. Ta ɗebo da kanta, ta murza, ta duba a haske, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin a tafin hannunta. Ta ce ta manta gyaɗa tana da fari haka. Sannan ta ɗaga murya:

"Malam, itacen nan zai gyara kansa ne?"

Na shigo na zauna a wurina.

Mun yi aure tun muna yara, mun haifi 'ya'ya, mun binne wasu, amma ban taɓa zama kusa da ita tsawon hantsi guda muna aiki ɗaya ba sai da idonta ya raunana. Ba na cewa ciwo alheri ne a kan kansa, kuma ina roƙa wa kowane mai yana lafiya. Abin da na sani shi ne Allah Ya bar mata sana'arta da matan da ke shigo mata, Ya ba mu ɗa mai jin magana idan ya ga hujja, ni kuma Ya shigar da ni tsakar gidana bayan na tsufa. Godiya ta tabbata gare Shi a kan abin da na lura da shi daga ni'imominSa, da kuma mafi yawansu da suka wuce ban lura ba.